Mai ɗakina kan farka da dare tana cewa mutuwa za ta yi, likita kuma ya ce zuciyarta ƙalau: me zan riƙa ce mata?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tsoma baki ba, yau dai abin ya kai ni bango. Wata huɗu ke nan mai ɗakina tana fama da wani abu, ya zo mata sau biyar. Na farko wajen ƙarfe biyu da rabi na dare ta girgiza ni, na kunna fitilar waya na gan ta zaune ta dafe ƙirji, gumi sharkaf kamar an watsa mata ruwa, tana haki tana cewa "zuciyata za ta tsaya, ka yafe min." Yatsunta suka ƙanƙance kamar mai ɗibar gishiri. Na buga wa maƙwabci ƙofa muka kai ta asibiti a motarsa, amma kafin mu isa abin ya lafa. An yi gwajin zuciya, an ɗibi jini, an duba suga, komai lafiya. A zuwa na uku likita ya ce firgici ne na farat ɗaya, wai fanik atak, kuma ba ya kisa.

Matsalata ni ce yanzu. Daren Alhamis ya sake zuwa, ni kuma na gaji, gobe ina da kasuwa. Na ce mata, "Haba Maman Sadik, ba likita ya ce ba ki da komai ba? Ki kwantar da hankalinki mana, za ki tashi yara." Wallahi kamar na zuba fetur a wuta. Hajiyarmu da ke sashenta ta jiyo, ta shigo tana salati, ta riƙe mata kai tana cewa ta yi kalmar shahada. Da safe mai ɗakin nawa ta ce min, "Da ka yi shiru da ya fi min." Tun ranar maganar take cina. Waɗanda suka san abin, me ake cewa, me ba a cewa?

Ɗan Baiwa: Wa alaikumussalam. Malam ka bincika da kyau. Ko ka fara maganar ƙarin aure ne? Mata suna da salo kala-kala. Ciwon da yake warkewa a bakin ƙofar asibiti ai ka san da walakin.

Maman Ilham: Ɗan Baiwa, Allah ya sa kada ka ɗanɗana. Shekara shida ina tare da wannan abu, kuma maigidana bai taɓa zancen kishiya ba. Wace kissa ce take sa mace ta jiƙa zani da gumi a cikin sanyin Janairu?

Abban Sadik, bari in gaya maka yadda kalmomin nan suke sauka a kunnen mai abin. Idan ka ce "ki kwantar da hankalinki", abin da nake ji shi ne kana ganin da gangan nake yi, da na so da na bari. To na gwada na kasa, sai in ƙara tsorata cewa lallai abin ya fi ƙarfina. Idan ka ce "ba ki da komai" alhali ina jin zuciyata kamar za ta faso ƙirji, sai in ce shi ke nan, mutum ɗaya da ke kusa da ni bai yarda ba, zan mutu yana kallo. Shi kuwa "za ki tashi yara" ƙarin kaya ne, ga tsoron mutuwa ga kunya, sai in fara danne numfashi don kada a ji ni, abin ya ƙara caɓewa.

Maganar Hajiya kuwa, Allah ya saka mata da alheri don da zuciya ɗaya ta yi, amma wa ake laƙƙana wa kalmar shahada in ba mai gargara ba? Ni ma an taɓa yi min a gidan biki. Ina jin haka na ce to ashe su ma sun ga alamar. Ban taɓa shiga tashin hankali irin na ranar ba.

Abban Sadik: Subhanallah. Ban taɓa kallon ta wannan fuskar ba. To ke me maigidan yake ce miki?

Maman Ilham: Kaɗan ƙwarai. Ya tashi ya zauna kusa da ni, ba ya tsayawa a kaina. Ya ce, "Ina nan. Irin na rannan ne, mun san shi. Zai wuce kamar yadda ya wuce." Shi ke nan fa. Yakan maimaita da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake tambayata ina na ajiye makullin babur. Muryar ta fi kalmomin aiki a wurina. In ya yi magana a firgice, ko me ya faɗa, firgicin kawai nake ji.

Sista Mai Dare: Ni ma'aikaciyar jinya ce, na shekara goma sha ɗaya a ɗakin gaggawa, yawanci aikin dare, kuma irin wannan ba baƙonmu ba ne. Bari in fara da amsa Ɗan Baiwa, don tambayarsa mazaje da yawa suna yin ta a zuci. Dalilin da ya sa take warkewa a bakin asibiti shi ne haka abin yake: yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, mafi yawa kuma ya sauka cikin minti ashirin zuwa talatin. Tsakanin buga ƙofar maƙwabci da tada mota da isa asibiti ai lokacin ya cika. Da kun zauna a gida ma da ya lafa a daidai wannan lokacin.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne abin da zai faru da kai in ɓarawo ya diro maka tsakar gida. Jiki ya saki sinadarin adirinalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, gumi ya karyo, don ka gudu ko ka yi faɗa. Bambancin kawai ita babu ɓarawo. To da yake ba ta ga abin tsoro a waje ba, sai ta neme shi a cikin jikinta: wannan bugun zuciya ai ciwon zuciya ne. Wannan tunanin ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara bugun, haka suke ta ciyar da juna.

Yatsun da ka ga sun ƙanƙance kuma daga hakin ne. Ita tana jin kamar iska ba ta isar ta, alhali numfashin ne ya yi yawa, tana fitar da iskar kabon fiye da kima. Shi ke kawo jiri, da jin kamar tururuwa a yatsu da gefen baki, har hannu ya ƙage. Numfashi na daidaita yake sakewa. Shi ya sa "ja numfashi sosai" da mutane ke cewa ba ya taimako, ai jan ne ya yi yawa. Fitarwar ake so ta yi tsawo. Kuma kada ka ba ta umarni, yi a gabanta ta ji ka. Ka ce "bi ni", ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Da farko ba za ta iya bin ka ba, kada ka gyara mata, kai dai ci gaba. Bayan zagaye biyar ko shida za ka ji ta fara kamo ka.

Baban Khairat: Mu a gidanmu ƙanwata tana irin wannan. Abin da muke yi a danne ta a sa mata cokali a baki don kada ta ciji harshe, sai a shaƙa mata albasa.

Sista Mai Dare: Baban Khairat, in ƙanwarka tana faɗuwa ta fita hayyacinta tana karkarwa, wannan ya fi kama da farfaɗiya, daban yake da abin da muke magana, kuma tana buƙatar a duba ta. Mai firgici tana cikin hayyacinta, tana jin duk abin da ake faɗa, shi ya sa ma muke ta zancen kalmomi. Sannan ko a farfaɗiyar ba a sa cokali kuma ba a dannewa, haƙora ake karyawa. A kawar da abin da zai ji mata ciwo, a kwantar da ita a gefenta in ta lafa.

Injiniya Jos: Na taɓa gani ana ba su jakar takarda su yi numfashi a ciki, wai don iskar kabon ɗin ta dawo. Tunda Sista ta ce ita ce take ƙaranci, ai dabarar ta yi daidai. Leda ma za ta yi.

Sista Mai Dare: Lissafinka daidai ne, amma an bar wannan dabarar. In aka yi rashin sa'a asma ce ko ciwon zuciya na gaske aka ɗauka firgici ne, ka rage wa mutum iskar da yake nema ke nan. Leda kuwa kada ma a fara, tana manne wa hanci da baki.

Malam Na Tsangaya: Ni dai ban ga an ambaci abu mafi girma ba. Mace ta riƙa farkawa a tsakiyar dare a firgice, lokaci kusan ɗaya, ai alamar shafar aljanu ce ko sammu. A nemi mai ruƙiyya na kirki. Kuma ta dage da azkar, zuciyar da ta cika da ambaton Allah tsoro ba ya samun wurin zama.

Maman Ilham: Malam, da girmamawa, jumlarka ta ƙarshe ita ce ta fi ci min rai a shekarun nan. Na yi sallar dare na kwanta abin ya tashe ni. Yayata ta ce min raunin imani ne, na kwana ina kuka ina tunanin ko Allah yana fushi da ni ne. Mai hawan jini ba a ce masa da yana azkar da jininsa bai hau ba.

Malam Na Tsangaya: Ban ce ba ta da imani ba, Allah ya kiyaye. Amma kina so ki ce a bar addu'a a kama ƙirga huɗu da shida?

Maman Ilham: A'a Malam, ni da addu'ar ma nake ƙirgawa. Maigidana ne ya gano min: in shaƙa, sannan in fitar da numfashin ina jan "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" a hankali har ya ƙare. Tsawonsa ya yi daidai da fitarwar da Sista take faɗa. Abin da ba na so shi ne a taru a kaina ana karatu da ƙarfi, a banka hayaƙi a ɗaki, wani yana daka tsawa yana cewa "wane ne kai, fita!" An yi min sau ɗaya. Mutum yana neman iska a cika masa ɗaki da turaren habbatussauda, ina amfanin baɗi ba rai?

Malam Na Tsangaya: Tsawa da hayaƙi ba su ne ruƙiyya ba, wannan aikin masu neman kuɗi ne. Mijinta ma zai iya karanta mata Falaƙi da Nasi a hankali. A nan mun haɗu. Amma ban janye batun sammu ba, don na ga abubuwa da idona.

Sista Mai Dare: Ba zan ja da Malam a fagensa ba. Abin da na sani a nawa fagen shi ne firgicin da ke tashin mutum daga barci sananne ne, ba sai da mafarki ba. A yi addu'a, a kuma ci gaba da ganin likita, ba sa karo da juna.

Uwar Biyu: Ku ba ni wuri in faɗi nawa, don ni maigidan ne mai abin, kuma na namiji wata wahalar ce daban. Direban babbar mota ne. Shekara biyu da suka wuce ya tsallake rijiya da baya a hanya, 'yan bindiga suka buɗe wa motar gabansa wuta. Ya dawo gida lafiya, sai bayan wata biyu abin ya fara. Shi ba ya cewa zai mutu. Sai dai ka ga ya miƙe zumbur ya fita tsakar gida ya cire riga yana zagaye, in na yi magana ya daka min tsawa.

Kuskurena na farko tambayoyi. "Me ya same ka? Ina ke ciwo? Me ka ci? In kira Yaya?" Duk a numfashi ɗaya. Mutumin da bai iya haɗa kalma biyu ba ina yi masa tambayar 'yan sanda. Na biyu kuwa har yau ina jin kunyarsa, na taɓa ce masa, "Kai fa namiji ne, in kai ka yi haka mu mu yi yaya?" Ya yi sati bai kalle ni ba, kuma daga ranar in ya ji abin na zuwa sai ya shige banɗaki ya kulle, ya sha wahalarsa shi kaɗai.

Yanzu abin da nake yi, in kora yara ɗakin kakarsu ba tare da hayaniya ba, in jiƙa tawul da ruwan randa in miƙa masa ya sa a fuska da wuya, in zauna a bakin ƙofa ina tsintar wake ko wani abu. Ba na kallonsa. Ba ya son a taɓa shi sam, ya ce ji yake kamar an shaƙe shi. In zan yi tambaya, wadda zai amsa da kai ce: "In buɗe taga?" Shi ke nan.

Maman Ilham: Kin ga ni kuma akasin haka. In bai riƙe min hannu ba ji nake kamar ina nitsewa. Har so nake ya matse.

Abban Sadik: To ga shi kun raba min hankali. In riƙe ta ko kada in riƙe?

Uwar Biyu: Mu za ka tambaya? Ga mai abin nan a ɗakinka. Amma ba lokacin da abin ya zo ba. Ka bari ranar da take cikin walwala, bayan la'asar haka, ka ce mata kana so ka koya. Ka tambaye ta ɗaya bayan ɗaya: riƙewa ko bari, fitila a kunne ko a kashe, magana ko shiru, a kira Hajiya ko kada a kira. Ni sai da na yi wata takwas ina lalube kafin na yi wa maigidan wannan tambayar, amsar ba ta ɗauke shi minti biyu ba.

Kemis Ɗan Kasuwa: Duk wannan doguwar hanya ce. A ajiye dayazifam a gida, in ya taso ta haɗiyi ɗaya ta yi barci. Mutane da yawa suna saya a wurina kuma suna godiya.

Sista Mai Dare: Suna godiya kuma suna dawowa, ko ba haka ba? Matsalar ke nan. Ƙwayar da aka haɗiya takan ɗauki kamar rabin awa kafin ta kama jiki sosai, lokacin firgicin ya riga ya sauka da kansa, sai a ba ƙwaya ladar da ba tata ba. Sannan jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni in ana sha kullum, ranar da aka daina kuma tsoron ya dawo ya fi na da. Likita yakan ba da ita na ɗan lokaci a wasu halaye, amma ba abin da miji zai sayo ya ajiye a durowa ba ne.

Maganin da ake ɗora mutum a kai in abin ya yawaita wani ne daban, irin su satiralin da fulokzetin. Kullum ake sha, ba sai abin ya zo ba, kuma sai an yi sati huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa. A satin farko ko na biyu wasu ma sukan ji faɗuwar gaban ta ƙaru, a nan ne miji yake cewa "maganin nan bai karɓe ki ba, ki bari." Kada ka faɗi haka, ku koma wurin wanda ya rubuta. Akwai kuma zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa mutum ya daina tsoron bugun zuciyar kansa, har a sa shi ya hau bene da gudu ya ji bugun ya ga ba abin da ya faru. Wannan yana aiki ƙwarai. Ana samun sashen a manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato.

Abban Sadik: Kware? Sista, in na ambaci wannan sunan a gidanmu ai an gama, za a ce matata ta haukace. Ita kanta abin da take tsoro ke nan, takan ce ji take kamar ba ita ba, kamar hankalinta zai gushe.

Sista Mai Dare: Wannan jin yana cikin alamomin, kuma firgici ba ya komawa hauka. In ta faɗa maka haka a lokacin, kada ka ce "daina faɗin haka." Ce mata, "Kina tare da ni, ga Sadik can yana barci, yau Alhamis." Ko ka sa ta faɗa maka abubuwa biyar da take gani a ɗakin, ta taɓa bango ta ji sanyinsa. Maganar asibiti kuma ba dole sai can ba, ku fara da likitan da ya gano abin, ku ce ya tura ku.

Amma akwai abin da ya fi damuna, kada mu sa ka saki jiki. Yanzu da aka ba abin suna, haɗarin shi ne duk abin da ya same ta a ce "nata ne ya motsa." Mai firgici ma tana iya kamuwa da ciwon gaske. Ka san yadda nata yake zuwa. In ya zo daban, ku tafi asibiti: ciwon ƙirji mai nauyi kamar an ɗora dutse da yake tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko wanda ya fara tana cikin aiki mai wahala, ko ta suma, ko leɓe ya canja launi, ko numfashi yana fito, ko baki ya karkace, ko an wuce rabin awa abin yana ƙaruwa maimakon raguwa. In tana da ciki ko tana cikin jego, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada ka tsaya ƙirga numfashi, gudan jini a huhu yakan zo da haki da tsoro iri ɗaya. In kana shakka ku tafi, gara mu ce muku ba komai. Sannan ka tambayi likitan ko an duba mata ƙarancin jini da sinadarin maƙoshi na tayiroyid, don in ya yi yawa yana kwaikwayon firgici. Tana shan kofi ko cin goro?

Abban Sadik: Goro a'a. Amma tana ɗinki har dare, takan haɗa kofi mai kauri bayan isha'i in aiki ya taru. An duba jini, ban san ko har da na maƙoshin ba, zan duba takardun.

Sista Mai Dare: To kofin nan a fara janye shi a hankali. Ba lallai shi ne tushe ba, amma yana ingiza mai kantu ruwa.

Hajiya Babba: Ni tsohuwa ce, 'yata ce take rubuta min. Ɗana, kada ka ga laifin mahaifiyarka, mu abin da muka gada ke nan, in mutum ya ce zai mutu a tuna masa da Allah. Ka same ta kai kaɗai ka yi mata bayani da ladabi, ka ba ta aiki: in ta jiyo motsi ta shiga wurin jikokinta ta zauna da su tana addu'a daga can. Tsoho in ka ce masa kada ya zo ya ji haushi, in ka ba shi aiki ya ji daɗi. Kuma kada maganar ta fito daga bakin matarka.

Uwar Biyu: Hajiya ta gama magana. Ni dai ban gaya wa dangin maigidan ba har yau, shi ya hana.

Maman Ilham: Ni kuma ɓoyewar ce ta fi wahalar da ni. Sai da kowa ya sani na samu sauƙi, don na daina tsoron kada ya kama ni a gaban mutane.

Abban Sadik, saura abu ɗaya da ba a taɓo ba, bayan abin ya wuce. Jiki yakan mutu liƙis kamar an yi dambe, ga kunya. Kada ka ce "kin gani ko, ba na gaya miki ba komai ba ne?" Ka ba ta ruwa, ka bar ta ta kwanta. Da safe kada ka tsare ta da ido kamar mai jinya. Kuma ka kula da wani tarko da mu muka faɗa: maigidana don tausayi ya hana ni zuwa kasuwa, ya hana ni shiga adaidaita ni kaɗai, biki ma sai ya ce in zauna. Na ji daɗi da farko. Kafin shekara ko ƙofar gida ba na iya fita in ba ya nan. Sai da likita ya yi mana faɗa mu biyun, muka fara daga shagon bakin layi, yana tsaye daga nesa.

Ɗan Baiwa: To in an ce kada a ce ba komai, kuma likita ya ce ba komai, ƙarya za a yi mata ke nan?

Maman Ilham: Likita bai ce ba komai ba, ya ce ba ya kisa. "Na san kina jin jiki, amma ba zai cutar da ke ba" gaskiya ce daga farko har ƙarshe.

Abban Sadik: Jama'a na dawo bayan kwana tara. Na yi mata tambayoyin Uwar Biyu, ta yi dariya ta ce yau kuma ɗan jarida na zama. Ta ce in riƙe hannunta amma kada in rungume ta, in kunna fitila, kuma kada in ce mata "sannu" sau ɗari. Hajiya ta karɓi aikin jikoki, ko da yake ta ce ita dai za ta karɓo rubutu, na ce to.

Shekaranjiya ya zo, ƙarfe uku saura. Na zauna, na ce ina nan, irin na rannan ne. Na duba agogo a ɓoye don in riƙe kaina, don wallahi ni ma gabana faɗuwa yake. Numfashin bai yi ba da farko, ta ce in daina ƙirgawa yana ƙara rikita ta, sai na bar ƙirgen na ci gaba da hurawa kawai. A tsakiya bakina ya suɓuce na ce "kwantar da hankalinki", ta harare ni a cikin wannan halin. Minti goma sha bakwai ya ɗauka. Ba mu tashi maƙwabci ba.

Takardun na duba, ba a yi gwajin maƙoshin ba, mun karɓi ranar Litinin. Kofi ta rage zuwa da safe kawai. Maganar ganin likitan ƙwaƙwalwa ce har yanzu ta ƙi, ta ce in dangina suka ji ta shiga uku. Maman Ilham, ke yaya aka yi kika yarda kika je?

Maman Ilham: Ban yarda ba sai da na yi shekara biyu, kuma ba maigidan ne ya shawo kaina ba, wata ce mai irin abin ta raka ni. In tana so ta yi min magana ta akwatin sirri, ita da kanta, ba kai ba.